Ke Safiyatu 'Yar Shekara Ashirin da Biyu

"Wallahi ba zan karanta ba, Lubna!"

"Wallahi sai kin karanta, Yaya! Kowa ya cika shekara talatin yanzu haka yake yi, ya rubuta wa kansa na lokacin ƙuruciya wasiƙa, ya karanta kafin a yanka gato, kek ɗin bikin."

Ƙanwata ke nan, in ta kafe sai Allah. Ta cika mana tsakar gida a unguwar Treichville da ƙawaye, ta turo Inna a kekenta na guragu har gaban tebur. Ni kuwa idona na kan agogo. Ƙarfe uku da rabi. Ƙarfe biyar motar Maraɗi za ta tashi daga tashar Adjamé, da Abduljalil a ciki, kuma ba dawowa zai yi ba.

Shekara takwas bawan Allahn nan yana jirana. Jiya ya tsaya bakin rumfata ya ce, "Safiya, Baba ya tsufa, ya kira ni gida. Kalma ɗaya nake so. In kin ce e, zan fasa tafiyar, in turo manya."

Na ce masa, "Inna fa?" Ya sunkuyar da kai ya tafi.

Wasiƙar kuwa sau uku na rubuta ta. Lubna ta ce in zaɓi shekara ɗaya, in kira kaina da "ke", in faɗa wa yarinyar abin da na sani yau. Ta farko duk wa'azi ce, yi haƙuri, yi karatu. Na yaga. Ta biyu ƙarya ce zalla. A ta uku na zaɓi shekarar da Babanmu ya rasu, ƙafafun Inna suka shanye, sai biron ya ƙi tsayawa.

Da Faransanci na rubuta, don da shi hannuna ya saba tun makarantar lakkol. Abin da ya ba ni ƙarfin hali ke nan. Inna ba ta taɓa amsa wa kowa da Faransanci ba, ko likita sai na yi mata tafinta.

Na buɗe takardar, na fara karantawa.

"Ke Safiyatu 'yar ashirin da biyu. Gobe wani mai sayar da tikiti a Adjamé zai ce yana son ki. Za ki ce ya jira. Za ki ɓoye wa Inna, don kada ta ga kamar nauyi ce a kanki. Ba za ki yi nadamar ko wanka ɗaya da kika yi mata ba... amma za ki yi kuka a bayi, famfo a buɗe. Ranar da kika cika talatin zai tafi. Don Allah ki buɗe baki tun yau, ni na kasa..."

Ba wadda ta tafa. Lubna ta dafe baki.

"Maimaita wajen famfon."

Muryar Inna ce.

"Inna... kin ji?"

"Shekara talatin ina sayar da atamfa a kasuwar garin nan, da kurame nake ciniki? Bakina ne ba ya so, kunnena lafiya lau!"

Na durƙusa gaban keken. "Ki yafe mini, ba da ke nake ba..."

"Da wa kike? Wa ya ce ki binne kanki saboda ni? Na tambaye ki ya fi sau goma ko akwai wani, kika ce babu!"

"Wa zai ɗaga ki? Wa zai yi miki wanka?"

"Ni gunki ce?" Lubna ta faɗa cikin kuka. "Shekarata ashirin da huɗu, Yaya, ko ƙofar bayin ba kya bari in riƙe!"

Kunya ta kama ni, haushin kaina ya fi ta. Na ciro waya na kira Abduljalil. A kashe. Na sake. A kashe!

"Ƙarfe nawa motar?" Inna ta tambaya.

"Biyar."

"Kina nan kina mini hawaye? Tashi!"

Na tare tasi ko mayafi ban gyara ba. Cunkoso ya riƙe mu a kan gada, ni da direba har muka yi cacar baki. Biyar saura kwata na faɗa tashar, masu dako na bangaje ni, 'yan kamasho na jan hannuna.

Na hango shi a layin shiga mota, jaka a kafaɗa.

"Abduljalil!"

Ya juyo. Numfashina ya ƙi bari in yi magana, sai na miƙa masa takardar duk ta cukurkuɗe. Ya karanta a tsaye, direba na danna oda.

"Wannan ai ba tawa ba ce, Safiyata," ya ce. "Ta wata yarinya ce."

"Ta karanta. Ta makara da shekara takwas, amma ta ce e."

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya juya ya ƙwala wa masu lodi kira.

"Ku sauke mini akwatina!"