Layin da Aka Ja da Biro

Tun hantsi Mashkura ta kasa zama. Ta share tsakar gida sau biyu, ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi har ya ƙone. Wasiƙar da ake jira daga Segbana, can tsallaken iyakar Benin, ta iso, kuma aurenta da Bunyaminu a kanta ya rataya.

Mahaifinta Malam Lauwali ba ya ba da 'ya sai ya yi bincike. Tun da yanar ido ta hana shi tafiya, sai ya aika wa tsohon abokinsa, wani hedimasta mai ritaya a garin su Bunyaminu, ya gaya masa gaskiyar halin yaron. Abokin kuwa da Faransanci yake rubutu. Madam Remilekun, mai koyar da Faransanci a sakandaren Bagudo, ita ta mayar da wasiƙar Hausa a wata takarda daban.

"Taho ki karanta min, ɗiyata," in ji Malam. "Ke ce idona."

Ya riƙe ta Faransancin, ita ta riƙe fassarar. Ta karanta gaisuwa, ta karanta yabon iyayen Bunyaminu, murya tangaran. Da idonta ya sauka kan sashe na uku sai ta ga an rubuta: an taɓa kama Bunyaminu da fasa-ƙwaurin fetur, ya yi wata uku a tsare. Ta san zancen, shi ya gaya mata tun farkon haɗuwarsu a kasuwar Lolo. Amma ta san halin Baba. Tsoro ya ci ƙarfinta, ta tsallake zuwa sallama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Malam ya ɗaga takardarsa saitin rana, ya kai ta dab da hancinsa. Ba ya bambance harufa, amma yana ganin inda baƙi ya taru da inda fari ya raba.

"Curi huɗu nike gani, Mashkura. Sau ukku kinka tsaya kinka ja numfashi. Ina guda?"

Kunya ta rufe ta, hawaye ya zubo. Ta karanta sashen a guje cikin shessheka, tana haɗiye rabin kalmomin. Abin da ya kai kunnen tsohon bai wuce fetur da kamu ba.

"Ɗan sumoga ke nan. Kuma ke da na yarda da ke kinka so rufe ni."

"Wallahi Baba, ya daina tun..."

Ya ɗaga mata hannu. Yatsansa na yawo a bayan takardar, sai ya tsaya a kan wani ɗan tudu.

"Nan an danna biro, an ja layi har sau biyu. Wace magana ce mutumin ga ya ja wa layi?"

Mashkura ta duba fassarar, babu layi ko ɗaya. Ta duba ta Faransancin, ga layi ɓaro-ɓaro, amma ko kalma guda ba ta iya fitarwa. Madam kuwa ta tafi Birnin Kebbi taron bita, sai jibi.

Kwana biyun nan Mashkura ba ta ci abin kirki ba. Bunyaminu ya kira ya kai sau goma, abin da take iya ce masa kawai shi ne ya yi haƙuri. Abin da ya fi ci mata rai, Baba bai ƙara cewa ta karanta masa komai ba, ko saƙon waya.

Ran da Madam ta dawo, da kanta ta zo gidan. Ta jera takardun biyu, ta bi su da yatsa, sannan ta dafe kai.

"Sori Baba, laifina ne. Na kwashe kalmomi, na bar layin. Maganar tana ciki, amma ta zama daidai da sauran."

Ta ja layi a fassarar, ta miƙa wa Mashkura.

"Karanta sashen duka," in ji Malam. "Sannu-sannu. In kin kai wurin, ki danna murya yadda ya danna biro."

Ta karanta kamun, ta karanta shekara biyar da ya yi yana gyaran babur ba wanda ya kai ƙararsa. Sannan ta tsaya, ta ce, "Nan ne layin, Baba: *Na so in bar wannan zance, shi da kansa ya zo ya roƙe ni in rubuta, don kada ku ba shi 'yarku a kan rufa-rufa.*"

Malam ya sake shafa layin da yatsa.

"Shi da ke nesa bai yarda a ɓoye min ba. Ki ce mai ya turo magabatanshi."

Mashkura ta durƙusa tana kukan murna da nadama. A ranar ta gane cewa wanda ya zama idon wani ba shi da ikon zaɓar masa abin da zai gani, ko da soyayya ce ta sa shi.

Malam ya laluba aljihu, ya miƙo mata wayarsa.

"Saƙonni sun taru tun shekaranjiya. Karanta min, kada ki bar ko guda."