Gida Mai Fuska Biyu a Hanyar Cake

Ranar da aka sallami Shamsiyya daga asibitin Mayahi, uwarta Zara'u ta tsaya a tasha tana ja da direba a kan kuɗin mota har motar ta cika ta tafi ta bar su. Ba ta yi nadama ba. Ta ce ita ba a yi mata farashin baƙi a ƙasar da aka binne mijinta. Sai suka koma amalanken Rabo, ƙanen marigayin, wanda ya kawo wake kasuwa.

Kwana huɗu Zara'u ta yi tana barci a zaune a gindin gado. Shamsiyya cikinta wata takwas, zazzaɓi ya kwantar da ita, an yi mata ƙarin ruwa har leda uku. Yanzu tana kwance bisa buhunan wofi, sa yana jan su cikin rairayi, kowane rami sai ta cije leɓe.

"Matata, da kin biya mutumin nan da yanzu kin sha fura a gida Cake," in ji Rabo.

"Matarka tana gida tana kuka da kai. Kora sanka."

Rana ta yi ja. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kawo ƙanshin ƙasa. Gero ya fi mutum tsayi hagu da dama, sai ƙarar ganyensa da kukan ƙafar amalanke. A nan ne hanya ta buɗe, suka ga gida.

Rabo ya ja igiya. "Kai, Alhamdu lillahi. Mu fake nan hadarin ya wuce."

"Gidan wa?"

"Wa ya sani? Mutane suna ta gini yanzu."

Babban gida ne na ƙasa, fuskarsa tana kallon yamma, sauran hasken rana duk ya zube a kanta. Ƙofa ɗaya a tsakiya. Tagogi huɗu a dama, huɗu a hagu. Zankwaye a jere a sama. Yaɓen sumul, ja kamar an gama shi yau.

Zara'u ba ta iya karanta ko sunanta da kyau ba, amma bango kam tana karanta shi. Shekara ashirin da shida ta yi da mijinta Na Allah magini. Ita ke riƙe masa bakin igiya in zai fitar da fuskar gida. Ya auna faɗin, ya ninka igiyar biyu, inda ta lanƙwashe nan ne tsakiya, nan ƙofa za ta zauna. Daga nan sai a raba sauran, abin da aka ba dama a ba hagu. Har yau in ta shiga gari, kafin ta gaida mai gida ta riga ta auna gidansa da ido.

Ta sauko da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Ta tsaya daga nesa yadda Na Allah ke tsayawa, ta kanne ido ɗaya, ta miƙa hannu, ta ɗora babban yatsa a kan ƙofar.

Ƙofar mutane faɗinta kamu biyu, tsayinta kamu huɗu. Wato in ka kwantar da faɗin sau biyu ka kai sama. Ta ɗora yatsa, ta ɗaga, ta sake ɗagawa. Sau biyu. Sau uku. Sau huɗu. Sai a na biyar ta kai kan ƙofar.

Siririya, doguwa. Wa aka yi wa wannan?

"Inna, bayana," in ji Shamsiyya daga amalanke. "Ko dakali ne in samu in kwanta."

"Dakata."

Ta koma kan tagogin. A ginin ƙasa bango ne ke ɗaukar kaya, taga rami ce da aka sata daga ƙarfinsa. Saboda haka taga ƙarama ake yi, a sama, kuma tsakanin taga da taga a bar bango ya kai faɗin taga uku. A kusurwa a bar fiye da haka, don nan ne bango biyu ke riƙe juna. Waɗannan tagogi kuwa kowace ta fi gaba guda, ba azarar da za ta haye ta ba ta lanƙwashe ba. Bangon da ke tsakaninsu bai kai taƙi biyu ba. Na ƙarshe ma a kan kusurwa suke cif, ba abin da ya tokare rufin. Ramin ya fi bangon yawa. Da hannun mutum ne ya yi shi, da tun kafin a ɗora rufi ya zauna ƙasa.

Ga shi a tsaye.

Kuma jerin nasu ba daidai yake tafiya ba. Jerin taga kamar daka yake, taga, bango, taga, bango, bugu ɗaya tazara ɗaya, ido ya bi ya huta. Wannan kuwa daga gefe tazarar tana da ɗan faɗi, tana matsowa tana raguwa, tana matsowa tana raguwa, kamar mai daka da ke ƙara sauri. Duk inda ta ajiye idonta sai jerin ya ja shi ya kai bakin ƙofa. Ta kau da kai. Idon ya koma.

"Ke da ba ki da ƙarfin tsayuwa, kin tsaya kallon gini," in ji Rabo. "Yaya ya mutu ya bar miki ciwonshi."

Zara'u ta ci gaba da kallo. Ta ga tsaga a bango, ƙarƙashin taga ta biyu a dama, ta gangaro ta karkata kamar ƙugiya. Ta duba hagu. Ƙarƙashin taga ta biyu, tsaga, ta gangaro ta karkata, ita kuma ta fuskanci 'yar uwarta.

Magini yana daidaita ƙofa da taga da zanko. Ba ya daidaita tsaga. Ko zankwayen da hannu ɗaya ya murza, sai ka samu wani ya ɗara wani da yatsa.

Ƙadangare ya hau bangon dama, ya tsaya, ya gyaɗa kai. A bangon hagu wani ya hau, ya tsaya, ya gyaɗa kai. Tare.

Iska ta ɗauke. Geron ya yi tsit. Wani ƙanshi ya fito daga ƙofar, na ɗanyen laka da tsohuwar rijiya.

"Rabo," ta ce a hankali, "juya san nan."

"Mi?"

"Juya shi, na ce."

Daga cikin duhun ƙofar aka yi magana. Murya mai laushi, amma daga can sama ta fito, kusa da kan ƙofar.

"Maraba da baƙi. A shigo da mai ciki ta huta."

Ba wanda ya yi sallama. Halin Zara'u dai bai bar ta ba.

"Ba mu kwana inda ba mu san mai gida ba," ta ce. "Fito mu gan ka."

"Kyauta ne, Zara'u."

"Ban karɓar kyauta."

Sai ta ji rairayi yana ƙara a bayanta. Ta waiga. Amalanke ba kowa sai Rabo, ya daskare da igiya a hannu, bakinsa a buɗe. Shamsiyya ta riga ta sauka. Tana can dama, ta dafa bango, tana bin tagogin ɗaya bayan ɗaya, idonta a rufe rabi.

A hagu ma akwai Shamsiyya.

Zane ɗaya. Ciki ɗaya. Ta dafa bango, tana tahowa.

Taga ta huɗu suka wuce tare. Ta uku. Tazarar tana raguwa, sawunsu yana ƙaruwa.

Zara'u ta gane inda za su haɗu. Ta kuma gane abu ɗaya: ita da take tsaye saitin ƙofa, ba a yi biyunta ba. Abin da ke kan layin tsakiya ba shi da kishiyar gefe. Ta tattare zane, ta bi layin nan a guje, ba ta kauce ko taƙi ba, ta isa ta juya ta ba ƙofar baya, ta ware hannuwa.

Sanyi ya sauka mata daga tsakar kai zuwa ƙugu. Wani abu yana numfashi a samanta.

Taga ta biyu.

Gudun da juyawar sun rikita ta. Wacce ce ta taho daga dama? Damar wa, tata ko ta gidan? Ta hango hanya, amalanke biyu, Rabo biyu.

"Inna," suka ce tare.

Ta ɗaya.

Ta dubi hannuwansu. Farar filasta ta wurin ƙarin ruwa. Ɗaya a hannun hagu, ɗaya a hannun dama. Kwana huɗu tana riƙe da hannun nan. Tana zaune gefen bango, tana riƙe da... tana riƙe da...

Ta yi bisimilla da ƙarfi, ta cafki mai filasta a hagu, ta fizgo ta jikinta, kan layin tsakiya.

Ɗayar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya kawai, tana kallonsu.

"Kada ki kauce," Zara'u ta raɗa. "Saka ƙafarki inda na saka tawa."

Suka bi layin, ɗiya a gaba, uwa a baya tana tura ta. Taku goma. Ashirin. Bayansu ana kiran "Inna" da muryar da ta sani tun tana goyo. Ba ta waiga ba.

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mata a goshi. Sai aka ji wani dogon nishi, irin na bango in ya sha ruwa zai zauna. Da ta ɗaga kai, amalanke ɗaya ne, Rabo yana ta salati hawaye na zuba. Inda gidan yake sai gero, ruwa yana dukansa.

Sun isa Cake jiƙe sharkaf. Rabo bai ƙara bin wannan hanya ba, kuma bai ƙara kiranta matarsa ba.

Bayan sati biyar Shamsiyya ta haihu lafiya, mace, aka sa mata Saudatu. Shamsiyya tana dariyarta yadda ta saba, ta san kowa, ta san komai na gidan, ba ta tuna komai na yammacin nan sai ciwon baya. Mutane suka yi ta yi wa Zara'u barka, ita kuma tana amsawa da kai a sama.

Sai dai in an ajiye tuwo, Zara'u takan zauna gefe, a gajiye, tana kallo. Shamsiyya ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta miƙa hagu. Sai ta tsaya, ta dubi hannun kamar ba nata ba, ta yi 'yar dariya, ta sauya.

Zara'u ba ta gaya wa kowa ba. Kullum dai ita ke ajiye mata kwano, kuma a damanta take ajiye shi.