Katan Arba'in Da Ba Su Taɓa Zuwa Ba

"Akanta? Ai ita ba ta ganin mutum, lamba kawai take gani."

Mai Sito ne ya faɗa wa direba yana dariya, bai san ita akantar kamfanin tana bayan ƙofa ba. Wata uku ke nan maganar na cin ta. Da ya san sau nawa take leƙensa ta taga yana ƙirga kaya, biro maƙale a kunne...

Yanzu ko dariyar babu. An ƙirga sito, sabulu ya gaza abin da ke kwamfuta da katan arba'in. Jibi masu binciken asusu za su zo, Manaja ya ce wa Mai Sito ko ya biya ko ya ajiye makulli.

A gida ma Yayanta cewa ya yi, "Wannan da ba kya gajiya da zancensa? Ashe hannunsa dogo ne. Kar na sake jin sunansa!"

Washegari rahoton da ta haɗa a kwamfuta satin jiya ya fito da kansa ƙarfe takwas. Aikinsa ɗaya: ya gwada kowace takardar sayen kaya da takardar karɓa da aka sa wa hannu a sito.

Layi ɗaya ya yi ja.

Takardar saye biyu, ta karɓa ɗaya. Kamfani ɗaya, rana ɗaya, katan arba'in.

Ta farko Kashiya ce ta shigar daga kwafin direba, ranar da zazzaɓi ya kwantar da Akanta. Ta biyu... ita da hannunta, da asalin takardar ya iso. Kashiya ta manta sifirin farkon lambar takardar, shi ya sa kwamfuta ba ta gane su ɗaya ba ne.

"Goge kawai, ƙawata," Kashiya ta raɗa mata. "Wa zai sani?"

"Kwamfuta na ajiye sunan mai gogewa. Kuma shi Mai Sito wa zai wanke shi?"

Akanta ta je gaban Manaja. "Ranka ya daɗe, ba a saci komai ba. Takarda ɗaya aka shigar sau biyu, ni na shigar da ta biyun. Saura kaɗan ma mu biya kamfanin sau biyu."

Ya yi faɗa son ransa, sannan ya sa hannu. Ta shigar da gyaran da ya soke ta biyun, ta rubuta dalili, ta haɗe takardun wuri ɗaya don masu bincike.

Da rana sai ga Mai Sito a bakin ƙofarta, makulli a hannu.

"An ce ke kika tona kanki saboda ni."

"Lamba ce ta nuna. Ai ita kawai nake gani."

Ya sunkuyar da kai. "Kin ji ke nan... Wallahi haushi ne. Kullum na gaishe ki, ba kya ɗagowa."

"Kunya ce."

Ta murza biro har yatsanta ya yi ja, sannan ta ɗago, karon farko.

"In na ce ka zo ka gaida Yayana... za ka zo?"