Zancen da Bunu Ya Haddace

A mashigar kogin Haɗeja Bunu ya fara ganin Yakaka, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Malam Madori. Ta shigo kwalekwalensa da ƙwaryar shinkafa, har suka haye bai iya ce mata sannu ba.

Da mahaifinta Fannami ya ba shi izinin zuwa zance, sai ya shiga uku. Babu abin da Bunu ke tsoro kamar shiru. Gani yake in magana ta yanke laifinsa ne, kuma nan za ta gane ba shi da abin faɗa. Don haka tun asuba, yana tuƙi yana tsara zance, daga labarin jirgi zuwa na baturen da doki ya kayar a fadama, har ya haddace.

Da la'asar a zaure sai ya zazzage su kamar mai biya allo. In ta amsa ba ya ji, hankalinsa na can yana laluben na gaba.

Ran nan ta ce, "Bunu, da ni kake magana ko da bango?"

Ya koma gida kamar ya yi kuka. Maganin da ya sani ɗaya ne, ya ƙara haddace wasu.

Fannami ya kira 'yarsa ya ce, "Tukur mai awon gyaɗa ya turo manya. Bunu kuwa kin ce ko sauraronki ba ya yi. Juma'a ce zuwansa na ƙarshe."

Ranar Juma'a Bunu ya zo da labari bakwai. Yana zama tsoro ya kwashe su kaf. Ya sunkuyar da kai.

Can Yakaka ta ce a hankali, "Ruwa ya cika bana. Da Iya tana nan da ta ji daɗi."

Da yake babu komai a kansa, maganar ta shige shi.

"Iya tana son ruwa ne?"

Ta ɗago. "Ita ta koya min iyo. Tun rasuwarta ban ƙara shiga ba."

"Tsoro kike ji?"

"A'a. Kewa."

"A ina ta koya miki?"

Ta yi ta faɗa, kowace amsa na miƙo masa tambaya ta gaba. Ya manta da yadda yake zaune, ya manta da muryarsa. Da shiru ya gifta ma bai tsorata ba, don ya ga hawaye take sharewa.

Ta ce, "Yau ka zo, Bununa."

Ya ce, "Ina jinki, Yaka."

Ita da kanta ta roƙi Fannami ya sallami mutanen Tukur. Bayan yankan shinkafa aka ɗaura aure. Tsohon ya dafa kan ango, wanda kunya ta hana shi ko ɗagowa, ya ce, "Na ba ka amana. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."