Ƙofar da ta Rage a Togo

Akpene ta damƙe wayar shingen har ƙarfe ya shata tafinta.

"Elom... ka ce wani abu mana."

"Me zan ce, zuciyata? An rufe iyaka. Wai sai bayan zaɓenku."

Ni Abla, tasinta, wato yayar ubanta, ina tsaye bayanta raina yana tafasa. Ita tana Aflawo a Gana, shi yana Lome a Togo, tsakaninsu bai kai tsawon tabarma ba. Bayansa ga baffanninsa rungume da kwalabe biyu, sun zo ƙwanƙwasa ƙofa kamar yadda kowane ɗan ƙabilarmu ta Ewe ke neman aure.

Ƙanena Gameli, ubanta, shi ya sa wannan rana, kuma ya san abin da yake yi. Kansila yake nema. Korku mai babur, wanda Akpene ta ƙi, shi ya baza a gari cewa gidanmu 'yan Togo ne, a soke sunayenmu daga masu zaɓe. Sai Gameli ya tsorata, ya ce in ba a ƙwanƙwasa yau ba, zai aurar da ita ga Korku.

Na nufi jami'in da ke gadi.

"Ɗana, buɗe musu."

"Mama, umarni ne daga sama. Ko mai katin shaida ba ya wucewa."

"Daga sama? Layin ma daga sama ya faɗo mana. Kakana yana yaro Ingila da Jamus suka raba bakin tekun nan saboda kuɗin fito. Ba su san rijiyar kowa ba, ba su san gonar kowa ba. Layi miƙaƙƙe suka ja a takarda daga teku zuwa arewa, don shi ne ba ya kawo gardama tsakaninsu. Sannan masu awo suka zo suka kafa duwatsu. Ɗaya a tsakar gidanmu! Jamus ta sha kashi a yaƙi, Faransa ta gaje wancan gefen. Da aka sami 'yanci manyanmu suka ce a bar shi haka kada a yi faɗa. Wa ya tambaye mu?"

"Mama, ni aiki aka turo ni."

Bai yi ƙarya ba. Ko yarenmu ba ya ji sosai.

Sai ga Gameli da sabon zane a kafaɗa, Korku na bin sa.

"Yaya, kin gani ko? Ba su zo ba. Ni ba zan ba Bafaranshe 'yata ba, mai lissafi da sefa."

Korku ya yi dariya. "Akpene, ki huta. Mijin da sai an duba masa kati kafin ya ci tuwonki?"

"Gara in jira shi shekara da in hau babur ɗinka," ta ce, hawaye na zuba.

Na dubi ƙanena.

"Gameli, wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa a al'ada? Ta ɗakin haya, ko ta gidan kakanni?"

"Ta kakanni mana."

"To ina take?"

Ya kau da kai.

Kowa ya sani. Da dutsen ya raba gidanmu, gona da rijiya suka faɗo Gana, tsohon ɗakin kakanmu ya rage a Togo, ga shi can jikin shingen, da ƙofar katakonsa. Bayansa aka binne uwarmu. Ranar da ta rasu ma iyaka a rufe take, daga nan muka tsaya muna kuka kamar baƙi.

"Elom," na ɗaga murya, "ka ga ƙofar can? Ku je."

Babban baffansa ya gyara zane, ya taka, ya ƙwanƙwasa.

"Yaya, za su ce ni ɗan Togo ne..." in ji Gameli.

"Uwarka na kwance can tana jin ka. Faɗa mata ba ka san ƙofar ba."

Aka sake ƙwanƙwasawa.

"Baba..." in ji Akpene. "Don Allah."

Gameli ya share fuska da gefen zanensa.

"Wane ne?"

"Baƙi ne, da alheri."

"Ku shigo."

Baƙi suka shiga, mu masu gida muna waje a wata ƙasa. Korku ya tada babur ya tafi.

Gameli ya faɗi zaɓe. Da aka buɗe iyaka aka yi biki, amarya ta bi layin masu kati da kayanta a ka, ta zaga ta babbar ƙofa kafin ta isa gidan da nake jin tarin mijinta daga ɗakina.

Ni ban huce ba. Kowace ranar kasuwa ina gaban Togbi, sarkinmu, a kan magana ɗaya: a huda mana ƙaramar ƙofa daidai ɗakin kakanmu. Jiya ya ce, "Abla, wannan maganar gwamnatoci biyu ce."

Na ce, "To a kira su duka biyun. Ina da kujeru."